Shafin Farko na Littafin Ma'aikata: Yadda Za a Rubuta Shi Lebura Ya Gane

A masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa a Kano, galibin masu ɗaukar nauyin aiki ba su yi nisa a karatun boko ba: 'yan dako, masu gadi, direbobi, masu shara da masu kula da injina. Duk da haka, littafin ƙa'idojin aiki da ake miƙa musu sau da yawa lauya ne ya tsara shi da Turanci, kuma kamfani yake son karewa. Sai ma'aikaci ya dangwala yatsa, ya cusa littafin a aljihu. Ba zai san abin da ke ciki ba sai ranar da aka yanke masa albashi.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin cikar wata 3 da fara aiki. Littafin ma'aikata ba ya maye gurbin wannan takarda, bayani yake ƙarawa a kanta, kuma ya kamata gabatarwa ta faɗi hakan ƙarara. Aikinta kaɗan ne: ta faɗi mai magana, amfanin littafin, da wanda za a je wurinsa in an shiga duhu. Tarihin kamfani da yabon shugabansa su jira wani shafin.

A ɗauki misalin kamfanin sarrafa shinkafa. Daftarin farko yakan zo kamar haka, ko da an mayar da shi Hausa: "Ma'aikaci zai kasance yana da alhakin tabbatar da kiyaye dukkanin tanade-tanaden da ke ƙunshe cikin wannan kundi, wanda hukumar gudanarwa ke da hurumin yi wa kwaskwarima a kowane lokaci." Kalmomin na Hausa ne, amma ba wanda yake magana haka a bakin ƙofar sito. Jimla ɗaya ta ɗauki batu biyu, kuma mai sauraro bai ji abin da zai yi gobe da safe ba.

Ga shi bayan gyara: "Barkanku da zuwa. Wannan littafi zai gaya muku lokacin shiga aiki da na tashi, ranar biyan albashi, da yadda ake neman hutu. Akwai dokokin da muke so ku bi. Akwai kuma haƙƙinku da ke kanmu. In za mu canza wata doka, za mu tara ku mu sanar da ku tukuna. In ba ku gane wani abu ba, ku je ofishin kula da ma'aikata, kusa da ƙofar shiga. Tambaya ba laifi ba ce."

Kowace jimla batu ɗaya ta ɗauka. Kamfani ya ce "mu", ya kira ma'aikata da "ku", wanda ya haɗa mace da namiji kuma ya ba dattijo girmansa. An ambaci ofishin da inda yake. Amma alkawarin tara ma'aikata kada a rubuta shi sai in da gaske za a yi, don ranar da aka saɓa, ba wanda zai ƙara yarda da sauran littafin.

Akwai kuma iyaka. Sauƙaƙa magana bai halatta rage haƙƙi ba. In gabatarwa ta taɓo hutu, doka ta ba da aƙalla kwanakin aiki 6 da albashi bayan wata 12 ana aiki a jere. Rubuta "za a ba ku hutu idan hali ya yi" magana ce mai sauƙi, amma ta cuci ma'aikaci. Shi ya sa ya dace lauya ya duba daftarin ƙarshe, ya tabbatar ma'anar ba ta kauce ba, ba tare da ya dawo da nauyin da aka sauke ba.

Gwajin gaskiya da baki ake yin sa. A samu ma'aikata huɗu ko biyar daga sassa daban-daban, ban da shugabanninsu a wurin, a karanta musu shafin sau ɗaya. Kada a ce "Kun gane?", domin kunya da tsoron rasa aiki za su sa kowa ya gyaɗa kai. A ce wa mai gadi: "Malam, in ɗanka ya kwana da zazzaɓi kana son a ba ka izini, wurin wa za ka je?" In ya yi shiru, ko ya ambaci wani ofishin dabam, shafin ne ke buƙatar gyara.

Kada a manta cewa da yawa daga cikin waɗanda ba sa karanta boko sun yi makarantar allo, suna karanta ajami. Shafi ɗaya ba shi da wuyar kwafa da ajami, ko a naɗi muryar mai karanta shi a tura wa ma'aikata a waya. A buga shi da manyan haruffa, a bar fili tsakanin layuka. A ƙasansa kuma, inda ake sa hannu ko dangwala yatsa, a rubuta sunan wanda ya karanta wa ma'aikacin, da harshen da aka yi bayanin, da kwanan wata.