Lokacin Haihuwa a Ilmin Taurari: Me Ya Sa Ake Neman Minti, Kuma Yaya Ake Yi Idan Ba a San Shi Ba?

Duk wanda ya nemi a zana masa taswirar haihuwa, abu uku za a tambaye shi: ranar da aka haife shi, garin da aka haife shi, da kuma ƙarfe nawa. Na farko da na biyu ba su cika ba da wahala ba. Na ukun ne ke tsayar da mutane, musamman a ƙasar Hausa inda da yawa daga cikinmu a ɗaki aka haife mu, ungozoma ce ta yanke cibiya, kuma babu wanda hankalinsa ya kai ga agogo a wannan lokacin.

Taswirar haihuwa zane ne na yadda sama take a daidai lokacin da jariri ya faɗo, kamar yadda za a gan ta daga wurin da aka haife shi. Tana nuna inda Rana da Wata da taurari masu tafiya suke a cikin burujai 12. Wannan ɓangaren lissafin falaki ne, ana iya auna shi a tabbatar. Fassarar da masu ilmin nujumi ke ɗorawa a kai game da hali ko rabo, wannan binciken kimiyya bai tabbatar da ita ba, malaman Musulunci kuma sun daɗe da raba ilmin tafiyar taurari, wanda ake sanin lokutan salla da alƙibla da shi, da iƙirarin sanin gaibu, wanda suka hana. Abin da za mu duba a nan shi ne yadda lissafin yake aiki, da kuma inda iyakarsa take.

Abin da ke sauyawa da sauri

Ba komai ne a taswirar ke tafiya da gudu ɗaya ba. Rana tana matsawa kimanin digiri 1 a kwana guda. Mushtari yakan yi kusan shekara a burji ɗaya, Zuhal kuma kusan shekara biyu da rabi. Saboda haka ko da safe aka haifi mutum ko da daddare, waɗannan suna nan kusan inda suke.

Mai gudun shi ne ɗali'i, wato digirin burjin da ke ɓullowa daga gabas a lokacin haihuwa. Duniya tana juya digiri 360 cikin kusan awa 24, ke nan digiri 1 a kowane minti 4. Don haka duka burujai 12 suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya a cikin kwana guda, kowanne yana ɗaukar kimanin awa biyu. In aka kwatanta taswirar da agogon bango, Zuhal da Mushtari su ne gajeren hannu, ɗali'i shi ne dogon hannu mai nuna minti.

Daga ɗali'i ake fara ƙirga gidaje 12, waɗanda masu wannan ilmin suka raba wa al'amuran rayuwa: na 1 jiki da halitta, na 2 dukiya, na 7 aure, na 10 sana'a da matsayi, haka har na 12. Da zarar ɗali'i ya gusa, gidajen duka sun gusa tare da shi. Wannan ne ya sa kuskuren awa ɗaya, wanda ya kai kimanin digiri 15, zai iya fitar da taswirar da ba ta mai ita ba.

Awa biyun nan ma matsakaicin ƙiyasi ne. A Kano, wadda ke kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Hamal yana gama ɓullowa cikin kimanin awa 1 da minti 42, Saraɗan kuma yana ɗaukar awa 2 da minti 12. A Landan tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba: Hamal bai cika awa ɗaya ba, Mizani kuwa yana kusantar awa uku.

Wata safiya a Kano

Mu ɗauki yaron da aka haifa a Kano ranar 5 ga Afrilu, mu bi lissafin da ke fara Hamal daga ranar da dare da yini ke daidaita a watan Maris. A ranar, Rana tana wajen digiri 15 na Hamal, tana kuma fitowa da misalin ƙarfe 6:20. Ga yadda ɗali'i ke sauyawa a safiyar, bisa ƙiyasi na kusa: Hutu ne ke gabas har wajen 5:35, sai Hamal har 7:15, sai Sauru har 9:07, sai Jauza har 11:12, daga nan Saraɗan ya karɓa.

Yaron ya girma ya tambayi mahaifiyarsa. Idan ta ce, “Ai an idar da sallar asuba, gari ya fara wayewa, rana ba ta fito ba,” to an dace, domin wannan tazarar ta faɗa cikin Hamal. An san burjin ɗali'i ko da ba a san digirinsa ba. Idan kuwa ta ce, “Da hantsi na haife ka,” magana ta rabu biyu. Hantsi yana iya zama ƙarfe 8:30, yana iya zama 9:30, iyakar kuwa tana 9:07.

Dubi abin da awa guda ke yi. A tsarin da ake ba kowane burji gida ɗaya, haihuwar 8:30 tana da ɗali'in Sauru, mai gidan Zuhura ce, Rana ta faɗa gida na 12, wanda tsofaffin littattafai suka ba maƙiya da ƙunci, gidan aure kuma ya zama Aƙrabu. Haihuwar 9:30 tana da ɗali'in Jauza, mai gidan Uɗaridu ne, Rana ta koma gida na 11, na abokai da buri, gidan aure ya zama Ƙausu. Rana ɗaya, gari ɗaya, uwa ɗaya, amma karatu biyu da ba su haɗu ba.

Inda kuskure ke shigowa

Kafin a ce ba a san lokaci ba, ya kamata a tantance wanda ake da shi. Tarko mafi girma a wurinmu shi ne dare. A ƙirgar Hausa dare ne ke gaba da yini, don haka “daren Juma'a” yana nufin daren da ya fara bayan magaribar Alhamis. Wanda bai lura ba zai rubuta Juma'a da daddare, ya yi kuskuren kwana guda cur, Wata kuma ya riga ya matsa kimanin digiri 13. Haka nan juya kwanan watan Hijira zuwa na Miladiyya yakan zame da kwana ɗaya, saboda ganin wata. A nan sunan rana yana taimakawa: wadda ake kira Laraba, Asabe ko Ladi, da wanda ake kira Ɗanjuma ko Ɗanlami, sunansu shaida ne da za a gwada da kalanda.

Sai agogon ƙasa. Nijeriya da Nijar suna gaba da agogon Girinwic da awa 1 duk shekara, Gana tana daidai da shi, Birtaniya tana ƙara awa 1 a lokacin zafinta. Sudan ta tura agogonta gaba da awa 1 a shekarar 2000, ta mai da shi baya a 2017. Garin ma dole a faɗe shi daidai. Sakkwato da Maiduguri agogonsu ɗaya, amma akwai kusan digiri 8 tsakaninsu, rana tana riga fitowa a Maiduguri da kimanin rabin awa.

Karatu ba tare da lokaci ba

Idan an bincika katin asibiti, an tambayi iyaye da gwaggwanni, ba a samu komai ba, masu wannan aikin sukan zana taswirar a kan ƙarfe 12 na rana. Dalilin a fili yake: daga tsakar rana, kuskuren ba zai wuce awa 12 ta kowane ɓangare ba. Sannan sai a ajiye ɗali'i, da tsakiyar sama, da gidaje 12, da sahamus sa'ada wanda ake lissafa shi daga ɗali'i. Ko na'ura ta zana su, ba na mai taswirar ba ne, na tsakar rana ne.

Abin da ya rage ba kaɗan ba ne: burjin Rana da na sauran taurari, da kusurwoyin da ke tsakaninsu. Sai dai a duba farkon kwanan da ƙarshensa, ko akwai tauraron da ya tsallaka iyakar burji a ranar. Wanda aka haifa wajen 20 ga Maris, alal misali, burjin Ranarsa ma yana iya rataya a kan awa.

Wata shi ne ke buƙatar kulawa ta musamman, domin yana tafiyar kimanin rabin digiri a awa, yana sauya burji kusan duk kwana biyu da rabi. Idan da tsakar rana yana digiri 15 na Asadu, to duk tsawon kwanan yana tsakanin digiri 8 da 22, burjinsa ya tabbata. Idan kuwa yana digiri 27, zai shiga Sumbula da misalin ƙarfe 5:30 na yamma. A irin wannan hali kalma ɗaya daga bakin uwa ta wadatar: “da hantsi” Asadu ne, “bayan isha'i” Sumbula ne. In babu wannan kalmar, sai a faɗi biyun, kada a zaɓi wanda ya fi daɗin ji.

Akwai wata hanyar da ake mai da burjin Rana ya zama gida na 1, a ƙirga sauran daga nan. Ita ce jaridu ke bi a shafukan taurari. Ga yaronmu na Kano za ta dace ne kawai idan tsakanin 5:35 da 7:15 aka haife shi.

Gyaran lokaci da iyakarsa

Matsalar tsohuwa ce. Baɗlimus, wanda ya rayu a Iskandariyya a ƙarni na 2 na Miladiyya, ya koka a littafinsa Tetrabiblos cewa agogon inuwa da agogon ruwa suna kuskure, ya kuma kawo dabarar gano digirin ɗali'i daga haɗuwar Rana da Wata ko cikar wata da ta gabaci haihuwa. Masana na zamanin daulolin Musulunci sun san irin wannan dabara da suna namudar. A yau an fi bin manyan abubuwan rayuwa, kamar ranar aure, rasuwar mahaifi ko samun aiki, a riƙa gwada lokuta har a ga wanda ya fi dacewa.

Raunin hanyar shi ne ana gina hujja da abin da ake son tabbatarwa. Alamar matsala tana bayyana idan mutum biyu suka yi gyara a kan bayanai ɗaya suka fito da lokuta mabambanta, ko aka ba mutum “ƙarfe 9:13” alhali abin da aka sani kawai shi ne hantsi. Gyara yana da ma'ana idan zaɓi ne tsakanin Sauru da Jauza. A cikin awa 24 da babu wata shaida, zaɓin digiri ɗaya daga 360 zato ne.

Saboda haka mai gaskiya zai rarrabe wa mutum abu uku: wanda lissafi ya tabbatar, wanda ya rabu biyu, da wanda babu hanyar saninsa. Wanda iyayensa ke raye, ya tambaye su tun yanzu, ya rubuta kalmominsu yadda suka faɗa: ko an kira salla, ko rana ta take tsaka, ko an ci tuwon dare. Wanda kuma aka yi wa haihuwa, ya rubuta kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, da sunan garin, da awa da minti, tare da bayyana safe ne ko dare.