Wasiƙar Neman Biya Bayan Banki Ya Dawo da Caki

Idan banki ya dawo da cakin abokin ciniki ba tare da ya biya ba, bashin yana nan daram a kan wanda ya rubuta cakin. Wasiƙar da ɗan kasuwa zai aika masa tana da aiki biyu: ta nemi a biya kuɗin ta wata hanyar, ta kuma zama shaida a rubuce cewa an sanar da shi. Kiran waya yana da amfani, amma ba ya barin takardar da za a nuna in magana ta yi nisa.

Kafin a ɗauki alƙalami, sai a duba dalilin da banki ya bayar, domin shi ne zai nuna irin lafazin da ya dace. Wani lokaci kuskure ne kawai: adadin da aka rubuta da kalmomi ya saɓa wa na lambobi, ko sa hannu bai yi daidai da wanda banki yake da shi ba, ko cakin ya wuce wata 6 daga ranar da ke jikinsa. A irin wannan, sabon caki ya wadatar. Amma idan aka ga harufan DAR, banki yana cewa a koma wa mai cakin ne, kuma galibi hakan na nufin kuɗin da ke asusunsa bai kai ba. Banki ba ya faɗa wa wani abin da ke cikin asusun mutum, don haka wasiƙar ta kawo dalilin yadda banki ya rubuta shi. Kada a ce wa mutum ba shi da kuɗi, balle a kira shi mazambaci.

A ɗauki misalin dillalin sukari a Kasuwar Singa ta Kano, wanda ya ba wani mai shago kaya na N1,200,000, aka ba shi caki, banki ya dawo da shi. Bayan kwanan wata da adireshi, jikin wasiƙar zai iya zama haka:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna sanar da kai cewa cakin da ka ba mu mai lamba 000417, na ranar 3 ga Maris, na N1,200,000, kuɗin sukarin da aka kai shagonka, bankinmu ya dawo da shi ranar 6 ga Maris da alamar DAR. Ga kwafinsa a haɗe. Muna roƙon ka turo kuɗin ta taransifa zuwa asusun da ke ƙasa kafin ƙarshen ranar 17 ga Maris. Da zarar sun shiga za mu mayar maka da cakinka. In akwai wata matsala, ka kira mu kafin ranar. Mun gode, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka."

Kowane layi a nan yana da dalilinsa. Lambar caki da ranarsa da adadinsa suna toshe ƙofar gardama a kan wane caki ake nufi, musamman ga wanda ake yawan hulɗa da shi. Sanya takamaimiyar rana ya fi a ce "da gaggawa", domin kowa da yadda yake auna gaggawa. An nemi taransifa ne saboda caki na biyu daga asusu ɗaya zai iya dawowa kamar na farko. Dirafti na banki shi ma ya yi, tun da banki ya riga ya cire kuɗin kafin ya bayar da shi. Kwafi ake aikawa, ainihin cakin yana hannun mai bin bashi har sai an biya. Idan banki ya caji mai kaya wani abu a kan dawowar cakin, a rubuta shi daban tare da shaidarsa, kada a cusa shi cikin kuɗin kaya. Wanda ya karɓi wasiƙar kuma ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafin da za a ajiye.

Idan wa'adi ya cika shiru, sai wasiƙa ta biyu, wadda ta fi ta farko kauri. A nan ne ake iya ambaton doka. A Nijeriya, dokar 1977 a kan cakin da banki ya ƙi biya ta mai da shi laifi mutum ya karɓi kaya ko bashi da cakin da aka dawo da shi saboda rashin isasshen kuɗi, matuƙar an kai shi banki cikin wata 3 daga ranar da ke jikinsa. Hukuncin mutum ɗaurin shekara 2 ne ba zaɓin tara. Sai dai wanda ya gamsar da kotu cewa lokacin da ya rubuta cakin yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zaton za a biya, doka ba ta kama shi ba. Shi ya sa wasiƙa ta biyu take tsayawa a kan adadin bashi, ranar wasiƙar farko, wa'adi na ƙarshe, da sanarwar cewa daga nan za a miƙa maganar ga lauya.