Ɗigo Ɗaya a Saƙon Waya Na Iya Ninka Maganin Yaro Sau Goma

Kwanaki wata uwa daga Kara ta nuna min saƙon da ta tura wa ƙanwarta ranar da ta tafi biki Gwarzo, ta bar mata jariri yana zazzaɓi: "Ki bashi paracetamol 25ml safe, syrup din kuma dare." Abin da aka rubuta mata a asibiti 2.5ml ne, wato rabin ƙaramin cokali. Da ɗigon ya faɗi, sai ya koma cokali biyar, ninki goma ke nan, abin da zai iya yi wa hantar yaro illa. Allah Ya taimaka, ƙanwar ta ga abin ya yi yawa, ta kira kafin ta ba shi.

'Yar'uwa, haɗa Hausa da Turanci a saƙo ba laifi ba ne. Amma kafin ki tura saƙon da ya shafi lafiya, duba wurare uku.

Fara da lamba. Ki tabbata ɗigo ne a tsakani, ba waƙafi ba, kuma bai ɓace ba. Mu a wurin aiki 0.5 muke rubutawa, ba .5 ba, kuma 5 muke rubutawa, ba 5.0 ba, domin in ido ya tsallake ɗigon sai a karanta 50. Ki maimaita da Hausa: "2.5ml, wato rabin ƙaramin cokali."

Sai sunan abu. A saƙon nan magani ɗaya ne, amma ta kira shi da suna biyu, har ƙanwar ta shiga neman kwalba ta biyu. Sunan da kika fara da shi, ki tsaya a kansa har ƙarshe, ki kwafe shi harafi da harafi daga jikin kwalba.

Na uku, kalmomin da suke da fuska biyu. "Safe" a Hausa lokaci ne, a Turanci kuwa yana nufin babu haɗari. Saboda haka "25ml safe" zai iya zama kamar tabbaci ne cewa adadin ba ya cutarwa. Ki cika maganarki: "da safe", "da dare". Haka ma ƙugiyar harafi: "ta bari" daban, "ta yi ɓari" daban. Idan kina amfani da Gboard, ƙara Hausa cikin harsunansa don ki samu ƙ, ɗ da ɓ, ya kuma rage sauya miki kalmomi.

Ga yadda ya kamata saƙon ya kasance: "Ki ba shi paracetamol 2.5ml (rabin ƙaramin cokali) da safe. Da dare ma paracetamol 2.5ml."

In kin ga kuskure bayan kin tura, WhatsApp na barin ki gyara cikin minti 15. Amma wataƙila an riga an karanta na farkon, don haka ki kira.