Wosha ko Ɓawo: Yadda Ake Zaɓen Hanya Mai Sauƙi Wajen Auna Girman Abu Kewayayye

Turmi, kwano, mazurari da tayar mota duk suna da siffa guda da ta haɗa su. Idan ka tsaga kowannensu gida biyu daga sama zuwa ƙasa, ka zana fuskar da ta bayyana a takarda, sannan ka juya zanen ya kewaye layin da ke tsakiya, ainihin abin ne zai sake fitowa. Masana lissafi sun daɗe suna neman girman irin waɗannan abubuwa, wato yawan wurin da suka cike. A shekarar 1615 Johannes Kepler ya wallafa littafi sukutum a kan auna cikin gangunan giya a birnin Linz na ƙasar Ostiriya, tun kafin Newton da Leibniz su tsara kalkulas. A yau ɗalibin shekarar farko a jami'a yana da hanyoyi biyu na yin wannan aiki. Duka biyun amsa ɗaya suke bayarwa, sai dai sau da yawa ɗaya takan ƙare a layi uku, ɗayar kuwa ta cinye shafi ba a kai ko'ina ba.

Yanka ko ɓarewa

Mai albasa a hannu yana iya yayyanka ta a kwance, ya sami fale-fale masu zagaye, yana kuma iya ɓare ta ɓawo bayan ɓawo har ya kai tsakiya. Ko ta yaya ya bi, idan ya tattara abin da ya samu, albasar nan ce dai ba ragi ba ƙari. Hanyoyin biyu ke nan.

A hanya ta farko ana yanka abin a gicciye da layin juyi. Kowane yanki faifai ne siriri, idan kuma abin yana da rami a tsakiya, yankin yakan fito kamar woshar da bakanike ke sa wa noti. Idan nisan bakin waje daga layin juyi shi ne R, nisan bakin rami kuma r, faɗin fuskar woshar shi ne π(R² − r²). A ninka shi da kaurin yankin, a tara duka yankunan da intigiral, an sami girman.

A hanya ta biyu ana raba abin zuwa ɓawo-ɓawo, wani cikin wani, kowanne silinda ce siririya marar murfi marar gindi. Idan aka tsaga ɓawo guda aka shimfiɗa shi, zai zama falle mai kusurwa huɗu. Tsawonsa shi ne kewayen ɓawon, wato 2πr, faɗinsa kuma tsayin ɓawon, h. Saboda haka girman kowane ɓawo 2πrh ne a ninka da kaurinsa.

Abin da ke bambanta su a kan takarda ɗan siririn tsiri ne da ake zanawa a cikin filin kafin a juya shi. Tsirin da ya gicciye layin juyi wosha yake haifarwa. Tsirin da ya yi daura da layin juyi, suna tafiya fuska ɗaya, ɓawo yake haifarwa. Tsiri a tsaye yana da kauri dx, don haka komai sai an rubuta shi da x. Tsiri a kwance yana da kauri dy, komai sai an rubuta shi da y. Zaɓen hanya, a gaskiya, zaɓen tsiri ne.

Inda hanyoyin biyu suka yi kunnen doki

Mu ɗauki filin da ke tsakanin miƙaƙƙen layi y = 2x da lanƙwasa y = x². Suna haɗuwa a wuri biyu, a (0, 0) da (2, 4). Za mu juya filin ya kewaye layin y, wato na tsaye.

Da ɓawo, tsirin a tsaye yake. Nisansa daga layin juyi x ne, tsayinsa kuma na sama a cire na ƙasa, 2x − x². Sai mu rubuta:

V = 2π ∫ x(2x − x²) dx, daga x = 0 zuwa 2

Wannan ya ba da 2π(16/3 − 4), wato 8π/3.

Da wosha, tsirin a kwance yake, don haka dole mu juya kowace ƙa'ida ta faɗi x. Layin ya koma x = y/2, lanƙwasar ta koma x = √y. Lanƙwasar ce ta fi nisa da layin juyi, ita ce R, layin kuma shi ne r:

V = π ∫ (y − y²/4) dy, daga y = 0 zuwa 4

Wannan ya ba da π(8 − 16/3), wato 8π/3 ɗin dai. A nan ba wadda ta fi wata wahala, domin ƙa'idojin biyu sun juyu ba tare da gardama ba. A lura kuma iyakokin sun sauya: x yana tafiya daga 0 zuwa 2, y kuwa daga 0 zuwa 4.

Inda wosha ta cije

Yanzu mu ɗauki y = 3x² − x³, daga x = 0 zuwa 3. Lanƙwasar tana tashi daga ƙasa, ta kai ƙololuwa a (2, 4), sannan ta gangaro ta taɓa ƙasa a x = 3. Mu juya filin da ke ƙarƙashinta ya kewaye layin y. Abin da zai fito tudu ne kewayayye mai loɓawa a tsakiya.

Ganin ramin nan ne ke jan mutane da yawa zuwa ga wosha. To amma a zana tsiri a kwance a ga abin da zai faru. Bakinsa na hagu yana kan lanƙwasar, bakinsa na dama ma yana kan lanƙwasar nan guda. Kafin a san r da R a kowane tsayi, sai an warware x³ − 3x² + y = 0 an fitar da x. A tsayin y = 2 an yi sa'a, amsar ta fito 1 da 1 + √3. Amma ana bukatar amsar da za ta yi aiki a kowane tsayi daga 0 zuwa 4, kuma wannan sai da dabarar warware lissafi mai ƙarfi uku, wadda ke da tsawo da sarƙaƙiya.

Tsiri a tsaye ba shi da wannan matsala. Ƙafarsa tana ƙasa, kansa yana kan lanƙwasar, tsayinsa kuwa ga shi an riga an bayar:

V = 2π ∫ x(3x² − x³) dx, daga x = 0 zuwa 3

Intigiral ɗin 3x³ − x⁴ shi ne 3x⁴/4 − x⁵/5. A x = 3 wannan ya zama 60.75 − 48.6, wato 12.15. A ninka da 2π, an sami 24.3π, kimanin 76.3.

Idan kuma filin nan guda aka juya shi ya kewaye layin x na kwance, sai labari ya sha bamban. Tsirin tsaye ne har yanzu mai sauƙi, amma yanzu ya gicciye layin juyi, saboda haka faifai zai haifar, wato wosha marar rami. Girman shi ne π ∫ (3x² − x³)² dx, wanda ya fito 729π/35, kimanin 65.4. Wanda ya nace wa ɓawo a nan shi ne zai faɗa cikin wahalar da muka guje wa ɗazu. Filin ne ya zaɓi tsiri, layin juyi kuma ya raɗa wa hanyar suna.

Idan iyaka ta sauya a tsakiyar hanya

Akwai dalili na biyu da ke sa a bar wata hanya a kama wata. Ga fili da y = √x da y = 2 − x da layin x suka kewaye, ana juya shi a kan layin x. Lanƙwasar da layin suna haɗuwa a (1, 1). Tsiri a tsaye yana taɓa √x daga 0 zuwa 1, daga 1 zuwa 2 kuma yana taɓa 2 − x. Rufin filin ya sauya, don haka faifai na bukatar intigiral biyu: na farko ya ba da π/2, na biyu π/3, jimla 5π/6. Tsiri a kwance kuwa kullum daga x = y² yake tashi ya ƙare a x = 2 − y. Intigiral ɗaya ya wadatar: 2π ∫ y(2 − y − y²) dy daga 0 zuwa 1, amsar kuma 5π/6. Wannan ya rushe abin da wasu ke haddacewa, wai ɓawo na layin y ne, wosha ta layin x.

Saboda haka, kafin a rubuta ko da alama ɗaya, a zana filin, a sa masa tsiri a tsaye da tsiri a kwance, a duba su. Wanne ne za a iya faɗin bakunansa biyu ba tare da warware lissafi mai wuya ba? Wanne ne zai ratsa filin duka ba tare da iyakarsa ta sauya ba? Idan har yanzu sun yi daidai, a rubuta intigiral ɗin kowanne a ga wanda ya fi saukin warwarewa.

Kurakurai da yadda ake kama su

Kuskuren da ya fi yawa a wosha shi ne rubuta (R − r)² a maimakon R² − r². A misalinmu na farko wannan zai ba da 8π/15, kashi ɗaya cikin biyar kacal na amsar gaskiya. Wosha babban faifai ce da aka cire ƙarami daga cikinsa, don haka kowane nisa sai an ninka shi da kansa tukuna kafin a yi ragi.

Kuskure na biyu yana zuwa idan layin juyi ya matsa. In aka juya filin farko a kan layin x = 3, nisan ɓawo ba x ba ne, 3 − x ne, girman kuma ya koma 16π/3. Kullum daga layin juyi ake auna nisa.

Akwai hanyoyin gwada amsa. Mafi sauƙi ita ce a saka abin cikin silindar da za ta haɗiye shi. Tudunmu mai loɓawa yana shiga cikin silinda mai rabin faɗi 3 da tsayi 4, wadda girmanta 36π ne, kuma 24.3π bai kai haka ba. Amsar da ta zarce silindar, ko ta fito ƙasa da sifili, akwai kuskure a cikinta, galibi an musanya R da r ko na sama da na ƙasa. Gwaji mafi kaifi shi ne ƙa'idar Pappus na Iskandariyya, wanda ya rayu a ƙarni na 4: muddin layin juyi bai ratsa filin ba, girman shi ne faɗin filin a ninka da tafiyar da cibiyarsa ta yi a zagaye ɗaya. Faɗin filinmu na farko 4/3 ne, cibiyarsa tana x = 1. A kan layin y tafiyarta 2π ce, amsa 8π/3. A kan x = 3 nisanta 2 ne, tafiyarta 4π, amsa 16π/3. Duka biyun sun dace da abin da intigiral ya bayar.