Me Ya Sa Itacen Girkin Bukoki Duk Dangi Ɗaya Ne?

Duk wanda ya tsaya wurin mai sayar da itace a Bukoki, cikin Yamai, ya duba abin da manyan motoci suka sauke daga dazukan Say da Torodi, zai tarar yawancinsa iri uku ne: geza, sabara da tsiriri, wani lokaci da ɗan taramniya. Ga mai girki, itace ne kawai. Ga masanin tsirrai kuwa, akwai abin tambaya, domin duka huɗun gida ɗaya suka fito, dangin da ake kira Combretaceae. Ƙasar nan tana da gawo da bagaruwa da aduwa da magarya da kalgo. To, yaya aka yi dangi ɗaya ya mamaye kayan? Wannan ita ce tambayar da na kawo.

Wanda za a fara zargi shi ne mai gatari. Masu saran itace suna da zaɓi: tsiriri yana da nauyi, garwashinsa yana daɗewa, gawo kuma doka da al'ada sun kare shi. Amma wannan zargi ba ya yin nisa. Itacen yana fitowa ne daga saman tuddan marmara da ke kewaye da Yamai, inda daji yake tsayawa layi-layi, layin itatuwa sannan fako, sannan wani layin, abin da Clos-Arceduc ya gani a hotunan jirgin sama ya bayyana a 1956, ake ce masa daji mai zanen damisa. Masu binciken da suka auna wannan daji a Banizumbu, gabas da Yamai, musamman lokacin aikin HAPEX-Sahel na 1992, sun tarar geza da sabara ne suka fi yawa a tsaye, tun gatari bai taɓa su ba. Mai sara ya ɗebo abin da ya tarar ne. Saboda haka amsar tana can saman tudu.

A nan ne tsohuwar gardamar masana ta shigo. Darwin ya rubuta a 1859 cewa halittun da suka fi kusanci a dangantaka su ne suka fi gasa da juna, tun da buƙatunsu iri ɗaya ne. In haka ne, inda gasa take mulki za a ga ƴan'uwa sun kori juna, sai bare da bare suka rage. Inda kuma muhalli ne mai tsanani, yana aiki kamar rariya: mai halin da ya dace kaɗai ke wucewa, kuma da yake hali gado ne, waɗanda suka wuce za su zama dangi. Campbell Webb ya mayar da wannan tunani lissafi a 2000, a kan itatuwan wani daji na Borneo, sannan shi da abokan aikinsa suka shimfiɗa ƙa'idar a 2002: cunkoson dangi alamar tacewar muhalli ce, warwatsuwar dangi alamar gasa.

Mu gwada da hannu. Na ɗauki itatuwa 12 da kowa ya sani a yankin Yamai a matsayin tarin da za a zaɓa daga ciki: geza, tsiriri da taramniya, waɗanda jinsinsu ɗaya ne, Combretum, sabara da marke, ƴan gidansu, gawo, bagaruwa da kalgo, dangin wake, sai aduwa, anza, magarya da goruba, kowa da gidansa. Don sauƙi, tazarar itatuwa biyu ƴan jinsi ɗaya ta zama 1, ƴan dangi ɗaya 2, bare da bare 3. A aikin gaske ana auna tazarar ne da miliyoyin shekaru a kan bishiyar dangantaka da aka gina daga ƙwayoyin gado, amma dabarar ɗaya ce.

Yanzu a ce a wani fili na saman tudu mun sami geza, tsiriri, sabara da anza. In aka haɗa su biyu-biyu, haɗi shida ne. Geza da tsiriri 1. Sabara da kowannensu 2 da 2. Anza da sauran ukun 3 sau uku. Jimla 14, a raba shida, matsakaicin tazara ya zama 2.33. Wannan ma'auni shi ne ake rubutawa MPD. In da za a zuba sunayen 12 a ƙwarya a riƙa jawo huɗu da ka, matsakaicin da za a samu 2.76 ne. Filinmu ya fi haka cunkoso, ke nan ya karkata wajen tacewa.

Sai dai kada a yi gaggawa. Hanyoyin zaɓen huɗu daga 12 guda 495 ne, kuma 54 daga cikinsu suna ba da 2.33 ko ƙasa da haka. Wajen 11 cikin ɗari ke nan, alhali a al'adar fannin ba a yarda sakamako ya wuce sa'a sai ya gaza 5 cikin ɗari. Iri huɗu sun yi kaɗan a yanke hukunci da su. Abin da ke ƙarfafa hujjar shi ne a ƙidaya yawan kowane iri, domin anza jefi-jefi take, geza kuwa ita ce dajin, sannan a maimaita a filaye da yawa. Akwai kuma tarkon da ɗalibai suka fi faɗawa: zaɓen tarin. In ka cusa itatuwan fadama da na bakin kogin Kwara cikin ƙwaryar, cunkoson zai fito ƙarara. In ka taƙaita ta ga itatuwan saman tudu kaɗai, yana iya ɓacewa gaba ɗaya. Daji bai canja ba, tambayar ce ta canja.

A ce dai mun yi duk wannan, cunkoson ya tabbata. Tacewa tana da shaidu masu ƙarfi. Ruwan Yamai bai cika wuce milimita 550 a shekara ba, kuma cikin wata huɗu yake sauka. Ƙasar saman tudu ba ta da kauri, tsakuwa ce a kan marmara. Gawo, wanda ke fitar da ganye da rani saboda saiwarsa tana kaiwa ga ruwan ƙarƙashin ƙasa, ba shi da abin yi a can. Goruba ma haka. Waɗannan muhalli ne ya hana su, ko da babu maƙwabci ko ɗaya.

A nan da yawa za su rufe littafi. Ni ban yarda ba, kuma dalilina na farko daga Margaret Mayfield da Jonathan Levine yake. A 2010 sun nuna cewa gasa ma tana haifar da cunkoson dangi. In wani hali, misali saurin shanye ruwan sama da saiwoyi na kusa da fuskar ƙasa, shi ne ke ba da rinjaye, kuma dangi ɗaya ne ya gaje shi, to wannan dangin zai kori kowa, ya rage shi kaɗai. Lissafin zai ba da 2.33 ɗin nan dai, amma sanadin gasa ne. Lambar ba ta iya bambance su. Akasin haka ma ya faru: a 2004 Jeannine Cavender-Bares ta tarar a Florida cewa itatuwan Quercus da ke zama wuri ɗaya ba makusanta ba ne, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne rassa masu nisa da juna sun koyi jure muhalli iri ɗaya, kowa ta hanyarsa.

Dalili na biyu yana cikin layin dajin kansa, kuma shi ya fi jan hankalina. Gangaren tudun kaɗan ne ƙwarai, bai kai 1 cikin ɗari ba. Idan aka yi ruwa, fakon, da ɓawonsa mai tauri, ba ya sha sosai. Ruwan yana malala a shimfiɗe har ya shiga layin itatuwan da ke ƙasa da shi. A can ganyen da ya zuba da ramukan gara sun buɗe ƙasa, sai ta shanye, har tsakiyar layin ya sami ninkin abin da sama ta zubar. Ka shiga layi ɗaya daga gefen da ruwa ke zuwa: da farko ciyawa, sai sabara a bakin gaba inda rana take, sai geza ta yi duhu a tsakiya tare da tsiriri, sannan a gefen baya ka tarar da kututturan da suka bushe, domin na gaba sun shanye ruwan kafin ya iso. Waɗannan matattun ba marmara ce ta kashe su ba, maƙwabta ne. Haka kuma ƴan'uwan ba tagwaye ba ne: geza tana zubar da ganye da wuri bayan damina, sabara tana riƙe nata har cikin rani. Sun raba wuri, sun raba lokaci, abin da ake sa ran gani ke nan inda gasa ta daɗe tana aiki. René Lefever da Olivier Lejeune sun nuna da lissafi a 1997 cewa irin wannan zane yana iya fitowa daga abu biyu tare: tsiro yana taimakon na kusa da shi, yana kuma gasa da na ɗan nesa.

To yaya za a raba gardama? Nathan Kraft da abokansa sun ba da sharaɗi a 2015 wanda nake ganin shi ne daidai: kada a ce muhalli ya tace wani iri sai an nuna ba ya rayuwa a wurin ko da an kawar da maƙwabta. Wani ɓangare na wannan gwaji an riga an yi shi a Nijar ba da niyya ba. A tuddan da suka lalace, inda ake haƙa ramukan rabin wata don tare ruwa, ana dasa dakwara, ƴar dangin wake, kuma tana kamawa. Sarƙaƙiya ma, daga wannan dangin, tana nan cikin layukan dajin tun asali. Ashe marmara ba ta haramta wa dangin wake hawa tudu ba. Ta hana gawo, amma dakwara ruwa da sarari take nema. Ga kuma akuya da gatari: geza da sabara suna tohowa daga kututture bayan an sare su, awaki kuma sun fi son ganyen wasu itatuwan, saboda haka duk shekarar da aka yi ana sara da kiwo tana ƙara wa wannan dangin rinjaye.

Hukuncina shi ne, tsakanin fadama da saman tudu tacewa ce ke yanke wanda zai hau. Cikin layi ɗaya kuwa, a tazarar ƴan mitoci, rabon ruwa tsakanin maƙwabta ne ke yanke wanda zai tsaya a ina. Bishiyar dangantaka ta nuna mana akwai abin bincike, ba ta faɗi mai laifi ba. Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni da ke son rubuta kundinsa a kan wannan, ya dasa gawo, dakwara, geza da sabara a gefen gaba na layi, da tsakiya, da baya, rabi an yanke saiwoyin maƙwabta rabi an bar su, ya killace daga awaki, ya ƙidaya waɗanda suka rayu bayan rani biyu.