Kalma ɗaya a hoto: abin da ke sa waya kuskuren gane harshe

A jikin kwalin taliya ko biskit da aka shigo da shi daga Turkiyya, irin wanda ake gani a manyan kasuwannin Kano da Maraɗi, sau da yawa za ka tarar da kalmar GIDA an rubuta ta da manyan baƙaƙe kusa da sunan kamfani. Bahaushe na ganinta zai ce ai tamu ce. To ba tamu ba ce. Da harshen Turkiyya kalmar na nufin abinci, kuma a ƙananan baƙaƙe gıda suke rubuta ta, da wani harafi mai kama da i wanda ba shi da ɗigo a ka. Wanda ya matso da kyamarar wayarsa har wannan kalma kaɗai ta cika hoton, ya bar manhajar fassara ta gano harshen da kanta, ya ɗora mata aikin da ba shi da tabbatacciyar amsa. Tana iya cewa Turkanci ne, tana iya cewa Hausa ce, tana ma iya jefo sunan wani harshe na uku. Kuma ko wanne ta zaɓa, za ta nuna shi ne ba tare da wata alamar shakka ba.

Kafin fassara ta bayyana a fuskar waya, aiki kan bi matakai. Da fari manhaja tana neman wurin da rubutu yake a cikin hoton. Daga nan ta tantance irin rubutun, ko boko ne, ko baƙaƙen Larabci, ko na Rasha, ko na Sin. Sai ta mayar da zanen haruffa zuwa rubutun da na'ura ke iya sarrafawa, sannan ta yanke hukunci a kan harshe, kafin ta miƙa wa sashen fassara. Kowane mataki yana cin abin da na gabansa ya dafa. Matakin gane harshe shi ne ya fi galabaita idan rubutu ya yi kaɗan, domin shi ba ma'ana yake karantawa ba. Ƙidaya yake yi.

Dabarar ta daɗe. A 1994 wasu masu bincike biyu, William Cavnar da John Trenkle, suka wallafa hanyar da ta yi suna: a yanyanka rubutu zuwa ƙananan gutsattsari na haruffa, a ƙirga waɗanda suka fi yawan fitowa, a kwatanta da abin da aka riga aka ƙirga daga littattafai da jaridun kowane harshe. Hausa tana yawan kawo "wa", "tsa", "kwa" da "nan". Turanci yana yawan kawo "the" da "ing". Kowane gutsure yana ƙara wa wasu harsuna maki, yana rage wa wasu. Manhajojin yau sun fi na wancan lokacin wayo nesa ba kusa ba, amma har yanzu da hujjar da ke cikin haruffa suke aiki. Kamar yadda ake gane Basakkwace ne daga Bakano: in mutum ya yi magana ta minti guda kunne zai kama shi, amma in "ruwa" kawai ya ce ya yi shiru, ko malamin harshe sai dai ya yi canki.

Mu yanka GIDA mu gani. In aka sa alamar fili a farko da ƙarshe, aka ɗebi haruffa uku-uku, gutsure huɗu ne kacal ke fitowa:

```
_gi  gid  ida  da_
```

Sakin layi mai haruffa 200 kuwa zai ba da gutsure wajen 200. A can, ko da guda ashirin sun karkata zuwa wani harshe, sauran za su rinjaye su. A nan shaidu huɗu ne, kuma babu ɗaya cikinsu da ya keɓanta da harshe guda. Kalmomi masu ƙarewa da "ida" sun cika Sifaniyanci da harshen Fotugal. "Gid" yana nan a Turkanci da Hausa. Makin harsuna da dama sai ya zo kusan kunnen doki, ɗan abu kaɗan ya isa ya sauya wanda ke kan gaba. Waɗanda suka ƙera irin waɗannan manhajoji ba su ɓoye wannan ba. A bayanin CLD2, manhajar gane harshe da aka gina a kamfanin Google mai aiki da gutsuren haruffa huɗu-huɗu, an faɗa ƙarara cewa an tsara ta ne don rubutun da ya kai haruffa 200, wato kamar jimla biyu, kuma ba a yi ta don gajeren rubutu ko jerin sunaye ko lambobin kaya ba. Abin da ke jikin allon shago da kwalin kaya kuwa, galibi shi ke nan.

Hoto yana ƙara wa wannan ciwo gishiri ta hanyoyin da rubutun da aka buga da hannu a waya ba ya yi. Na farko shi ne manyan baƙaƙe. A Turkanci babban harafin ı marar ɗigo shi ne I, babban harafin i mai ɗigo kuma İ ne, da ɗigonsa. Saboda haka GIDA ta Turkiyya da GIDA ta Hausa zane ɗaya ne, babu bambanci ko na ƙwayar zarra. Manhajoji da yawa kan mayar da rubutu ƙananan baƙaƙe kafin ƙidaya, kuma tunda ba a san harshen ba tukuna, ƙa'idar gama-gari ake bi, I ta koma i. Sai a sami "gida", wadda ba haka Baturke ke rubuta kalmarsa ba. Hujja ɗaya tilo da za ta raba gardama ta salwanta tun kafin a fara shari'a.

Na biyu shi ne kuskuren karatu. Haske ya daki leda, ko kwali ya lanƙwashe, sai na'ura ta karanta I a matsayin ƙaramar l, domin dukansu sanda ce a tsaye. Kalmar ta zama "glda". Duba gutsattsarin nan huɗu: uku sun lalace, "da_" kaɗai ya tsira. Kuskuren harafi guda ya cinye kashi 75 cikin 100 na hujja. Wannan kuskuren a cikin haruffa 200 gutsure uku zai taɓa, ba wanda zai ma lura.

Hausa tana da nata rabon a nan. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su ne shaidarta mafi ƙarfi a rubuce. Fulfulde na tarayya da ita a ɗ da ɓ, amma ƙ kusan tata ce ita kaɗai. Sai dai masu rubuta alluna sukan bar lanƙwasar, in ma sun sa, na'urar da ba a horar da ita a kan waɗannan haruffa ba za ta karanta su k da d da b. Ga kuma wani abu: kalmomin da suka fi tona asirin harshe su ne ƙananan nan masu haɗa zance, irin su "da", "na", "ne", "ce", "cikin". Allon ƙofa ba ya ɗauke da su. MATA kawai za a rubuta a ƙofar banɗaki, kuma wannan kalma ido ce a harshen Indonesiya, kurmi ce a harshen Fotugal, a Sifaniyanci kuma tana iya nufin "yana kashewa".

To me ya sa manhaja ba ta cewa "ban sani ba"? Wasu suna faɗa. Tesseract, manhajar karanta rubutun hoto da aka fara a kamfanin HP a shekarun 1980 aka sake ta kyauta a 2005, tana da umarnin gano irin rubutu da inda ya fuskanta:

```
tesseract hoto.png stdout --psm 0
```

In aka ba ta hoto mai kalma ɗaya, abin da takan amsa shi ne `Too few characters. Skipping this page`, wato haruffa sun yi kaɗan, ta tsallake. Ma'auninta na asali, `min_characters_to_try`, haruffa 50 ne. A ganina wannan ita ce amsa mai gaskiya. Amma wanda ke tsaye a kasuwa da waya a hannu ba ya son a ce masa an tsallake, don haka manhajojin da aka yi wa jama'a sun fi karkata ga ba da amsa ko ta halin ƙaƙa.

Amsar kuma daga rufaffen jeri take fitowa. Akwai wata sananniyar manhajar gane harshe ta fastText mai suna `lid.176`, wadda ta san harsuna 176. Yarabanci na ciki, Suwahili na ciki, Hausa ba ta ciki. Duk rubutun Hausa da aka ba ta, dole ta laƙaba masa sunan wani harshe daga cikin nata, har ma ta haɗa da maki. Makin nan ba yana nufin "na tabbata" ba ne. Yana nufin "cikin waɗanda na sani, wannan ya fi kusa". Ko inda Hausa take cikin jeri, kamar Google Translate da ya shigar da ita a Disamba 2013, in hujja ta yi kunnen doki harshen da ya fi yawan rubutu a abin da aka horar da na'ura da shi yakan fi samun rinjaye. Wasu manhajoji kan cike giɓin da harshen da aka saita waya a kai ko wanda aka yi amfani da shi na ƙarshe. Wannan yakan taimaka, yakan kuma ɓatar: ɗan Najeriya mai waya da Turanci ya tsaya gaban gidan burodi a Damagaram inda aka rubuta PAIN, wato burodi da Faransanci, yana iya samun fassarar "ciwo".

Gane cewa an faɗa wannan rami ba wuya. A duba sunan harshen da manhaja ta ce ta gano kafin a karanta fassarar. In ana ɗan motsa waya sunan yana sauyawa, maki ne suka yi kusa da juna. In fassara ta dawo da kalmar yadda take, ko ta kawo ma'anar da ba ta dace da abin da ke gabanka ba, kamar ɗaki ko muhalli a jikin kwalin taliya, ga alama an saɓa harshe. A kuma duba rubutun da ta ciro daga hoton, ko ya yi daidai da wanda ido ke gani.

Gyaran ya saɓa wa abin da hannu ya saba. Mutum yakan matso da kyamara don kalmar ta fito sarai, alhali ja da baya ya kamata ya yi. A kwalin nan na Turkiyya, kusa da GIDA yawanci akwai "Sanayi ve Ticaret A.Ş.", ma'ana masana'antu da kasuwanci, ga kuma jerin kayan haɗi a gefe. Harafin Ş da kalmar "ve" da layi biyu na kayan haɗi sun isa su kashe gardama. In babu wani rubutu a kusa, sai a kashe gano harshe ta atomatik a zaɓa da hannu, bisa ƙasar da aka rubuta an yi kayan.

Inda ya fi kamata a yi hattara shi ne magani da sinadarai. GIFT a jikin kwalba kyauta ce da Turanci, guba ce da Jamusanci. ONCE a takardar magani "sau ɗaya" ce da Turanci, goma sha ɗaya ce da Sifaniyanci. A irin wannan a ɗauki hoton takardar gaba ɗayanta, a saita harshe da hannu, sannan a kai wa likita ko mai ilimin haɗa magunguna ya duba adadin kafin a sha.