Kuɗin sallama: ina rabonka, ina rabon hukumar haraji?

Ranar da aka rage ma'aikata a masana'anta ko banki, abin da kowa ke tambaya shi ne nawa aka ba wane. Adadi ɗaya ake ambata, miliyan kaza. Hukumar haraji kuwa ba ta kallon kuɗin sallama a dunƙule. Tana warware shi ne, ta tambayi kowane kaso dalilin biyansa, domin dalilin shi ke nuna ko za a taɓa shi ko za a ƙyale shi.

A Najeriya kuɗin da ma'aikaci ke tafiya da shi yakan haɗa abubuwa uku. Na farko haƙƙin aikin da ya riga ya yi: albashin da ya maƙale, kuɗin hutun da bai tafi ba, da albashin watannin notis idan kamfani ya zaɓi ya biya shi maimakon ya bar shi ya cika wa'adin. Wannan duk albashi ne, harajin albashi yana hawansa kamar kullum. Na biyu garatuti da fansho. Na uku diyyar rasa aiki, wato abin da ake ba mutum saboda an yanke masa hanyar abincinsa ba da laifinsa ba.

Batun garatuti ba zai ɗauke mu lokaci ba. An daɗe ana jayayya a kansa tsakanin kamfanoni da hukumomin harajin jihohi, har a 2019 kotun ɗaukaka ƙarar haraji, a wata shari'a da ta shafi jihar Abiya, ta yanke cewa ba a cire haraji daga garatuti. Sabuwar Dokar Haraji ta Najeriya, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta kuma fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta yafe haraji a kan fansho da garatutin da aka biya bisa Dokar Gyaran Fansho. Ga wanda garatutinsa ya fito daga wani tsari na kamfani na daban, hikima ita ce ya sa a rubuta masa a takarda a ƙarƙashin wane tsari aka biya.

Diyyar rasa aiki ita ce ke da iyaka, kuma a nan lissafin yake. Tsohuwar dokar harajin ribar kadara ta yafe Naira 10,000 ne kacal, adadin da hauhawar farashi ta mayar abin dariya tun da jimawa. Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗaga shi zuwa Naira miliyan 10, ta 2020 kuma ta fayyace cewa abin da ya haura miliyan 10 ɗin ne kawai za a cire wa kashi 10 cikin 100, kuma mai biyan diyyar ne zai cire ya miƙa wa hukuma. Dokar 2025 ta kai iyakar zuwa Naira miliyan 50. Sai dai ta canza yadda ake cajin rarar. An daina cire kashi 10 kai tsaye, yanzu rarar tana shiga cikin kuɗin shigar mutum na shekara, a caje ta da matakan harajin albashi.

Matakan su ne waɗannan. Naira 800,000 ta farko a shekara babu haraji. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 cikin 100, wanda ya kai mu miliyan 3. Daga nan zuwa miliyan 12 kashi 18, daga miliyan 12 zuwa 25 kashi 21, daga 25 zuwa 50 kashi 23, abin da ya wuce miliyan 50 kuma kashi 25. Kowane kaso yana hawa kuɗin da ya faɗo cikin matakinsa ne kawai.

Bari mu ƙaddara wani manaja a wata masana'anta a Kano, mu kira shi Malam Sani. Albashinsa Naira miliyan 2 a wata. An rufe sashensa a ƙarshen watan Yunin 2026, aka ba shi takardar sallama mai ɗauke da Naira miliyan 70. Da aka warware, miliyan 62 diyyar rasa aiki ce, miliyan 6 albashin watanni uku ne a madadin notis, miliyan 2 kuma kuɗin hutun da ya tara.

Aikin farko shi ne a ware miliyan 8 na notis da hutu gefe guda, domin rangwamen miliyan 50 bai shafe su ba. Sannan a ɗauki diyyar ita kaɗai, a cire miliyan 50 daga miliyan 62. Miliyan 50 ta zama tasa ba tare da an taɓa ko kwabo ba, saura miliyan 12 da za a yi wa haraji. Ke nan daga cikin miliyan 70, miliyan 20 ce hukuma ke da magana a kai.

Nawa za a cire daga miliyan 20 ɗin? Sai an san inda Malam Sani ya tsaya a matakan kafin sallamar ta zo. Daga Janairu zuwa Yuni ya karɓi miliyan 12. Mu ce bayan an cire gudummawarsa ta fansho da rangwamen kuɗin haya, abin da haraji ke hawa ya tsaya a miliyan 11. Kuɗin sallama a kan wannan za a ɗora shi, kamar yadda ake jera buhuna a sito, wanda ya zo daga baya shi ke hawa sama, kuma na sama shi ne mai tsadar haraji.

Miliyan 8 na notis da hutu za su ɗauke shi daga miliyan 11 zuwa 19. Miliyan 1 ta farko tana cikin matakin kashi 18, harajinta Naira 180,000. Sauran miliyan 7 sun shiga matakin kashi 21, harajinsu Naira 1,470,000. Jimla Naira 1,650,000.

Rarar diyya, miliyan 12, za ta ɗauke shi daga miliyan 19 zuwa 31. Miliyan 6 na farko suna ƙasa da miliyan 25, don haka kashi 21 ne, Naira 1,260,000. Miliyan 6 na biyu sun tsallaka matakin kashi 23, Naira 1,380,000. Jimla Naira 2,640,000. Idan aka haɗa da na notis da hutu, harajin kuɗin sallamar gaba ɗaya ya zama Naira 4,290,000, abin da zai shiga asusunsa kuma Naira 65,710,000.

Kuskuren da ya fi yi wa ma'aikaci ɓarna shi ne akanta ya zuba dukan miliyan 70 a lissafin albashi kamar wata garaɓasa ce ta ƙarshen shekara. Idan aka yi haka, kuɗin zai tashi daga miliyan 11 har zuwa 81, miliyan 31 daga ciki su faɗa matakin kashi 25, harajin ya kai Naira 16,410,000. An yi wa Malam Sani asarar fiye da miliyan 12 ke nan, kuma karɓo kuɗin da ya riga ya shiga asusun gwamnati ba aikin kwana ɗaya ba ne. Gane wannan ba shi da wuya. Idan abin da aka cire ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu na dukan kuɗin, alhali yawancinsa diyya ce, to ba a ware rangwamen ba. Wani kuskuren kuma na masu tunanin cewa da zarar diyya ta haura miliyan 50 duk ta zama abin haraji. Wanda aka ba miliyan 51, miliyan 1 ce kawai za a caja.

Yawancin masu karanta wannan ba za su ga miliyan 50 a takardar sallama ba, amma rabewar ta shafe su, ta wata fuskar. A ce direba ko magatakarda an sallame shi da miliyan 6, miliyan 4.5 diyya, miliyan 1.5 notis da hutu. Diyyar duk tasa ce. Amma idan ya ji labarin rangwamen miliyan 50 ya ɗauka ba za a cire masa komai ba, zai je ofishin akanta da faɗa a banza, domin miliyan 1.5 ɗin albashi ce, za a ɗora ta a kan abin da ya samu a shekarar a caje ta.

Shin sabuwar dokar ta fi tsohuwar sauƙi? Ga mafi yawan mutane, ƙwarai kuwa. Da a 2025 aka sallami Malam Sani, da an cire miliyan 10 daga 62, a caji miliyan 52 da kashi 10, harajin diyyarsa ya zama miliyan 5.2, kusan ninki biyu na Naira 2,640,000 da zai biya yanzu. Amma abin yana juyawa a can sama. Babban jami'in da albashinsa ya riga ya kai shi matakin kashi 25, idan aka ba shi diyyar miliyan 100, a da miliyan 9 zai biya, yanzu kuwa miliyan 12.5. A wajen miliyan 77 ne dokokin biyu ke yin kunnen doki ga irin wannan mutum. A ganina tsarin ya yi daidai, domin wanda diyyarsa ita ce jarinsa na ƙarshe shi ya fi cancantar sassauci.

Inda aka fi samun saɓani da hukuma shi ne sunan da aka ba kuɗin. Rubuta "diyya" a kan takarda bai isa ba. Hukumar harajin jihar Legas ta fitar da sanarwa a 2017 tana bambanta kuɗin da aka yi yarjejeniya a kansa tun farko a cikin sharuɗɗan aiki, wanda take ɗauka a matsayin ladan aiki, da wanda aka biya saboda an katse aikin ba zato. Don haka kamfanin da ya tattara bashin albashi da alawus ya laƙaba musu sunan diyya don ya taimaki ma'aikaci, yana iya jawo wa kansa tara idan aka zo bincike. Shi ma ma'aikacin da ya ajiye aiki don raɗin kansa, aka yi masa kyautar bankwana, zai sha wuya kafin ya nuna cewa ya rasa aiki ne.

Shi ya sa takardar da ta fi muhimmanci ita ce wadda ta jera kowane kaso da sunansa da adadinsa, tare da dalilin sallamar. Kafin mutum ya sa hannu a kan yarjejeniyar rabuwa, ya nemi wannan jeri, ya nemi lissafin harajin da aka cire, daga baya kuma ya karɓi shaidar cewa an miƙa kuɗin ga hukumar harajin jihar da yake zaune, tunda ita ke karɓa.

Akwai ɗan abin da ya rage a lissafin Malam Sani. Harajin da aka riƙa cire masa wata-wata an auna shi ne a kan zaton zai yi shekara cur yana karɓar albashi, wato miliyan 22, wanda harajinsa Naira 4,050,000 ne, rabinsa Naira 2,025,000. Harajin miliyan 11 kuwa Naira 1,770,000 ne. An cire masa rarar Naira 255,000 ke nan, wadda ya kamata a rage daga abin da ake binsa idan bai sake samun wani kuɗin shiga ba a shekarar. In kuwa ya sami sabon aiki a watan Satumba, albashin zai hau kan miliyan 31 ne, a matakin kashi 23, ko da sabon kamfanin ya caje shi kamar wanda ya fara daga sifiri. Bambancin zai fito ne a takardar bayanin kuɗin shiga da zai cike kafin ƙarshen watan Maris na 2027.